Rubutu ɗaya a ƙasan hoto, surukai da ƙawaye duk suna karantawa

"Anti, Allah ya sauke ni lafiya, ɗan fari, ranar Asabar ne suna, kuma sunan baban maigidana za a sa masa. Ina son in ɗora hoto a Instagram da Facebook, amma surukata da gwaggonnina da kawuna duk suna bin shafina, ga kuma ƙawayena na jami'a. In na rubuta yadda muke hira da ƙawaye manya su ce ba ni da kunya, in na rubuta irin na manya sai in ji kamar ba ni ba. Yaya zan yi?"

Barka da arziki, ƙanwata. Allah ya raya shi, ke kuma ya ba ki lafiyar shayarwa.

Na daɗe ina yi wa masu ɗaukar hoton biki da suna rubutun da ake sawa a ƙasan hoto a nan Kano, kuma kusan duk amarya ko mai jegon da ta zo mini da wannan damuwa tana zuwa ne da tunanin sai an yi raba-daidai: a rage wa manya kaɗan, a rage wa ƙawaye kaɗan, a haɗu a tsakiya. To rubutun tsakiyar nan shi ya fi kowanne lami. Bai kai ladabin da babba zai yaba ba, bai kai armashin da ƙawa za ta tsaya karantawa ba.

Abin da aikin ya koya mini shi ne, manya da tsara ba abu ɗaya suke dubawa ba. Babba tsari yake dubawa: kin fara da godiya ga Allah ko kin tsallake, wa kika ambata, da wane suna kika kira shi, wa ya zo gaba, a kan me kika kama bakinki. Ƙawarki ba ruwanta da duk wannan. Ita murya take saurare, ta ji ke ce kika rubuta ko kuwa kwafowa kika yi daga shafin wata. Tunda ba wuri ɗaya suke kallo ba, babu dalilin da za ki gutsure wa kowa rabonsa. Tsarin gaba ɗaya na manya ne, ki ba su shi cikakke. Ƙawaye kuma ki ba su abu ɗaya tak na gaskiya da ya faru da ke a makon nan, wanda ba wadda za ta iya rubuta shi sai ke.

Wasu masu bincike biyu a Amurka, Alice Marwick da danah boyd, sun yi rubutu a kan wannan matsala wajen 2010, suna nazarin masu amfani da Twitter. Bayaninsu shi ne mutanen da a zahiri kake haɗuwa da su a wurare daban-daban, shafi ya tara maka su a ɗaki ɗaya. Mu kuwa mun san ɗakin nan tun kafin waya. Ɗakin mai jego ne ranar suna: gwaggo a bakin gado, surukuwa a kujera, ƙawaye sun baje a ƙasa suna ƙus-ƙus. Ranar Asabar za ki zauna a cikinsa, kuma ba wanda zai koya miki yadda za ki yi magana. Za ki faɗi abin da zai sa ƙawaye dariya ba tare da gwaggo ta ɗago kai ba. Muryar da za ki yi amfani da ita a ɗakin nan ita nake so ki rubuta.

Mu fara da sunaye, don a nan ake yawan faɗuwa. Sunaye uku ne suke da nauyi a bakin matar aure a al'adarmu: na miji, na suruki, da na ɗan fari. Ke biyu sun haɗe miki wuri ɗaya, don yaron ɗan fari ne kuma mai sunan surukinki ne. Wannan al'ada ce, ba hukuncin addini ba, kuma gidaje da yawa a birni sun sassauta. Amma ba da gidajen birni za ki auna ba, da gidan da kike aure za ki auna. Ki tuna yadda surukarki take kiran nata ɗan farin. In har yau "wannan yaron" take cewa ko wani laƙabi, kin samu amsarki. In kika rubuta cikakken sunan jaririn a shafinki, a idonta sunan mijinta kika kira gatsal a gaban jama'a, ko da kuwa da manyan haruffa da furanni kika ƙawata shi.

Mafitar tana nan tun zamanin kakanni, wato sunan alkunya. Namijin da ya ci sunan kaka a kira shi Abba, Baffa, Walid ko Halifa. Mace a kira ta Ummi, Mama ko Walida. Sai dai kada ki zaɓa ke kaɗai ki buga a shafi. Sau da yawa ƙannen miji sun riga sun yanke nasu, in naki ya fito daban ya zama magana. Ki tambayi maigidan tukuna. Shi kansa maigidan, in za ki ambace shi, "maigida" ko "Abban Halifa" ya wadatar. In kina son mutane su iya shiga shafinsa, ki maƙala sunansa a jikin hoton, inda sai an taɓa hoton yake bayyana, kada ki rubuta shi a cikin layin rubutu. Sunan ya fito, amma ba daga bakinki ba.

Bari in nuna miki da misali, don bayani kaɗai ba ya zama a kai. Ga irin abin da mai jego takan fara rubutawa in ƙawaye take hange:

"Ƙaramin ogana ya iso 😭😭🔥 Wallahi na ga tashin hankali a ɗakin haihuwa, ni kam ba zan ƙara ba 😂 Na gode masoyina, kai ne komai nawa ❤️"

Duk abin da ke ciki gaskiya ne, kuma ƙawaye za su so shi. Amma karanta shi da idon surukuwa. Babu godiya ga Allah ko ɗaya a kan haihuwar da aka yi lafiya. An kawo zancen naƙuda inda kawu yake gani. "Ba zan ƙara ba" wasa ne a wurinki, a wurinta kuwa yarinya ce take cewa ta gama haihuwa daga ɗa ɗaya, kuma sai an tambayi ɗanta ko da saninsa. Sannan kin juya kin fuskanci mijinki kina ce masa "kai" a gaban mahaifiyarsa, kin ce shi ne komai, alhali akwai matan da tun asuba suke hura wutar ruwan wankanki ba a ko ambace su ba. Wannan na ƙarshen ya fi duk sauran ciwo, kuma shi ne wanda masu rubutun ba sa lura da shi.

In tsoro ya kama mai jegon kuma sai ta koma ɗaya gefen:

"Alhamdulillah. Muna godiya ga Allah da ya azurta mu da ɗa namiji. Muna godiya ga 'yan uwa da abokan arziki. Allah ya bar zumunci."

Babu laifi ko ɗaya a ciki, kuma babu ke a ciki. Sanarwar rediyo ce. Ana iya ɗauke ta a liƙa a ƙasan hoton kowane jariri daga Kano har Maraɗi ta zauna daram.

Ga yadda ni zan rubuta miki shi:

"Alhamdulillahi, yau an raɗa suna. Ya ci sunan kakansa, za mu riƙa kiransa Halifa. Allah ya raya mana, ya sa ya ɗauko halin mai sunan.

Godiya ta musamman ga su Hajiya da su Gwaggo, da kullum tun asuba suna kan tukunyar ruwan wanka. Yau kwana bakwai ina shan kunun kanwa ba fashi, ni da na cika baki a makaranta cewa ba mai ɗura mini shi. Waɗanda aka yi cika bakin a gabansu, a rufa mini asiri.

Masu zuwa, masu kira, da masu addu'a daga nesa, Allah ya bar zumunci 🤲"

Kowace jimla da dalilinta. "Ya ci sunan kakansa" ta sanar da sunan ba tare da an faɗe shi ba. Dangi sun san sunan, sun kuma ga kin kiyaye. Ƙawaye sun samu sunan da za su kira yaron da shi, wanda dama shi suke buƙata. Addu'ar da ta biyo baya, da farko "ya sa ya gaji mai sunan" na rubuta, sai na canza, don in surukin yana raye kalmar gado tana iya yi wa wani nauyi a kunne. "Ya ɗauko halinsa" yabo ne tsantsa. In kuma ya rasu, to dole "Allah ya jiƙan mai sunan" ta shigo, kuma rashinta ana lura da shi.

Dubi "su" ɗin nan da ke gaban Hajiya da Gwaggo. Aiki biyu take yi. Girmamawa ce, don babba ba a kiransa shi kaɗai tilo kamar sa'a. Kuma rumfa ce: "su Hajiya" ta ɗauki surukuwa da abokiyar zamanta da yayyenta, kowa ya ga kansa a ciki. Ranar da kika fara jera mutane ɗaya bayan ɗaya, to wadda kika manta ita kaɗai za ta haddace rubutun. Na sa ɓangaren miji a gaba da gangan. Mahaifiyarki ba za ta ji haushin zuwa ta biyu ba, ita ce ma za ta fara ce miki haka ya kamata, amma in aka juya akwai mai ƙirgawa.

Zancen kunun kanwa shi ne rabon ƙawaye, kuma shi ne zuciyar rubutun. Abin da ya sa yake aiki shi ne dariyar a kanki take faɗawa, kuma manya ne suka yi nasara a cikin labarin: 'yar boko ta cika baki, gwaggo ta kayar da ita. Gwaggo za ta karanta ta ji daɗi, ƙawar da kuka kwana ɗaki ɗaya a makaranta za ta tuna ranar da kika yi maganar ta fashe da dariya. Jimla ɗaya, kowa ya ɗebi nasa, ba wanda aka ɓoye wa komai. A nan ma na yi gyara: "na rantse ba zan sha ba" ce ta fara zuwa mini, sai na tuna kina da kawu, kuma a kowane dangi akwai kawun da zai rubuto miki cewa akwai kaffara. "Cika baki" ta ɗauki ma'anar ba ta taɓo fiƙihu ba.

Kada ki kwafi kunun in ba haka abin ya faru ba, don ƙawayenki za su gane. Ki nemi naki. Wataƙila ganyen darbejiyar wanka ne, wataƙila yadda yaron ya ƙi barci sai a hannun kakarsa, wataƙila ƙanenki da ya ji tsoron ɗaukarsa. Ma'aunin dai shi ne abu ƙarami, na gaske, wanda za ki iya faɗa a ɗakin sunan da ƙarfi, kuma in akwai wanda za a yi wa dariya, ke ce. Guda ɗaya ya isa. In suka kai uku, rubutun ya tashi daga godiya ya koma hira.

Wasa yana da alƙibla a wurinmu, kin sani. Kaka da jika suna wasa, taubasai suna wasa, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare. "Hajiya ta yi sabon ango" magana ce mai daɗi, kuma za ki ji ta sau goma ranar suna, amma ta fi kyau a bakin ƙanwar mijinki ko sa'ar Hajiyar, ba a bakin matar ɗa ba. Haka "angon ƙarni": bar wa abokansa su tsokane shi da ita. Wasan da ba naki ba ne, ki bar masu shi su kawo shi a ƙasan rubutun, za su kawo.

Sai maganar inda rubutu yake yankewa. Instagram yana karɓar haruffa har 2,200, amma abin da yake nunawa kafin ya datse ya sa `more` bai wuce kamar haruffa 125 ba. Facebook ma yana datse dogon rubutu da `See more`. Manya da yawa ba sa taɓa wurin nan, abin da ya bayyana shi suke karantawa su yi addu'a su wuce. Ƙawaye ne masu buɗewa. Wato manhajar da kanta ta raba miki zaure da cikin gida. Jimloli biyun farko na misalina haruffa 81 ne har da tazara, saboda haka godiya ga Allah da sanarwar suna duk sun shiga zaure, addu'ar ta fara leƙowa, kunun kanwa yana can ciki. Amma kada ki ɗauki wannan a matsayin maɓoya. Akwai gwaggo mai buɗe komai, har ta faɗaɗa hoto ta duba labule. Abin da ke ciki ma ya zama wanda in ta gani ba komai.

Akwai wani tarko da ya shafi masu jego musamman, kuma na ga ya kama mutane ba sau ɗaya ba. Mutum ya so rubuta "mun samu ƙaruwa", wayarsa ba ta da ƙa mai lanƙwasa, sai ya rubuta da ka. Kowa ya san abin da ake nufi, amma kalmar da ta fito a rubuce kin san ta, kuma a cikin ƙawaye ba a rasa mai ɗaukar hotonta ta ajiye don tsokana. Haka ɓari da bari. Ki sa Hausa a cikin harsunan allon rubutun wayarki, Gboard yana da ita, ki samu ƙ da ɗ da ɓ. In abin ya gagara, kauce wa kalmar gaba ɗaya, ki ce "Allah ya sauke ni lafiya".

Gajarce kalmomi irin na hirar waya, `ngd` da `slm` da `Alhmdllh`, ki ajiye su ranar nan. Babba mai tabarau wahala yake sha kafin ya haɗa su, kuma da yawa ba sa son a gutsure sallama ko kalmar da ke ɗauke da sunan Allah. Ƙawa ba ta rasa komai in kin rubuta cikakke. Turanci kuma, in kina da abokan aiki da ba sa jin Hausa, ki ba su gajeren layi nasu a can ƙarshe. Cakuɗa harsunan biyu a jimla ɗaya shi ne yake sa babba ya ji ba da shi ake ba, kuma in wani ya taɓa `See translation` abin da zai fito masa sai Allah.

'Yan fuskokin nan na waya ma ba fassara ɗaya ake musu ba. A wurin tsaranki 😭 dariya ce ko murna da ta yi yawa. A wurin gwaggo kuka ne, kuma kuka a ƙasan hoton jariri zai sa ta kira a gigice ta ji ko lafiya. Ita kuma kada ki yi mamaki in ta sa 😂 a wurin ta'aziyya, hawayen take gani. Alamar 🙏 wasu suna ɗaukarta godiya, wasu suna ganin ba irin addu'armu ba ce. Tun 2017 akwai 🤲, wadda ba mai gardama a kanta. Ɗaya ko biyu a ƙarshen rubutu sun isa. Fuskar yaron kuwa, gidaje da yawa ba sa son a nuna ta da wuri saboda baki. Wannan ba a rubutu ake warware shi ba, tambaya ake yi kafin a zaɓi hoto, kuma hoton hannu ko ƙafa cikin zanen goyo yakan raba gardama.

Yanzu abin da zan ja kunnenki a kansa da gaske: habaici. Na san jarabar. An yi ta magana lokacin da haihuwa ta ɗan yi jinkiri, ko wata ta faɗi abin da ya tsaya miki, sai ki ji kina son ƙara layi ɗaya, "masu cewa ba za a yi ba, ga shi Allah ya yi." Kina ganin ƙawaye ne kawai za su gane. Ƙanwata, matan da suka tashi suna jefa wa kishiya magana a waƙar daka su za ki ɓoye wa gugar zana? Kafin la'asar an gama rabon maganar: facala ta ce da ita ake, ƙanwar miji ta ce da ita ake, wadda ba ki ma tuna da ita ba ta daina gaishe ki. Zancen kunu kowa ya fahimci abu ɗaya ya yi dariya tare. Habaici kuwa kowa nasa yake fassarawa, kuma ba za ki bi su gida-gida kina warwarewa ba.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne rubutun ba ya ƙarewa inda kika sa aya. Abin da ƙawaye suka rubuta a ƙasa, a idon manya naki ne, don da su ake auna irin mutanen da kike hulɗa da su. Na taɓa shirya wa wata mai jego rubutu mai tsabta, ba a yi awa ɗaya ba abokin mijinta ya zo ya rubuta "shegen yaro ya haɗu". A bakin samari yabo ne. A ƙasan hoton jaririn da aka raɗa wa suna da safe, a gaban kakanninsa, ki auna da kanki. Kafin a goge an riga an ɗauki hoton maganar an tura zauren WhatsApp na dangi. Tun daga ranar nake ba da shawara biyu. Ki riga ki gaya wa ƙawayen kusa a zaurenku cewa su Hajiya suna gani, a yi a hankali. Jimla ɗaya ce kuma suna ji. Sannan a Instagram akwai `Hidden Words` a cikin saituna, inda za ki zuba kalmomin da ba kya so, duk sharhin da ya ƙunshe su a ɓoye shi. Kina kuma iya kafe sharhi har uku a sama, sai ki kafe addu'ar wata babba. Duk wanda ya shigo ya fara cin karo da ita yakan gyara harshe.

Akwai abubuwan da rubutu ɗaya ba zai taɓa ɗauka ba, kuma gara ki haƙura da su a nan. Labarin naƙuda, kalaman soyayya ga maigida, kyautar da ya yi miki ta haihuwa. Waɗannan na `Close Friends` ne, wanda Instagram ya fito da shi a 2018 don hotunan da ke ɓacewa bayan awa 24, ya kuma faɗaɗa shi zuwa sauran hotuna a 2023. Ki zaɓi mutanen da hannunki, kina sane cewa ba ya sanar da ke in wata ta ɗauki hoton abin da kika sa. Wanda nake tsoro shi ne akasinsa, wato `Friends except...` na Facebook da `My contacts except...` na WhatsApp, inda kike nuna wa kowa ki cire wasu. A gidajenmu waya yawo take. Gwaggo za ta ga hotonki a wayar 'yarta, ta duba tata ba ta gani ba, ta gane an ware ta. Zafin wannan ya fi na duk abin da kika ɓoye. Zaɓar mutum goma ka nuna musu abu kowa ya san da shi, cire mutum uku daga cikin ɗari uku kuwa magana ce.

Kafin ki ɗora, ki karanta shi da murya, ba a zuci ba, kina hango surukarki a damanki, babbar ƙawarki a hagunki. Duk inda kika ji muryarki ta yi ƙasa da kanta, wurin nan ne za a cire. In kuma kin kai ƙarshe ba inda ƙawar za ta murmusa, to kin rubuta sanarwar rediyo, koma ki nemo naki kunun. In kin haɗa shafukan biyu ta yadda hoton Instagram yake tafiya Facebook kai tsaye, ki gama duk gyara kafin ki tura, in kuma kin gyara daga baya ki leƙa ɗayan ki tabbata, don a Facebook manyan suka fi yawa.

Bayan kin ɗora, kada ki jira babba ya yi miki gyara a fili, ba sa yi. Alamarsu biyu ce: wadda ta saba rubuta miki "Masha Allah" a kowane hoto ta yi shiru, ko kuma wayar mahaifiyarki ta yi ƙara, daga nan ki ji "wai me kika sa a waya ne?" In haka ta faru, ki gyara ko ki sauke ba tare da sanarwa ba, ki kira ki ba da haƙuri, kada ki bi shi da wani sabon rubutu na kare kai. Alamar ƙawaye kuma ita ce in duk abin da suka iya cewa "Allah ya raya" ne, layi bayan layi, ba wadda ta kama wani abu a ciki. Ranar da rubutu ya zauna za ki gane: ƙawa ta rubuta cewa ita shaida ce an yi cika bakin, gwaggo ta zo ƙasanta ta rubuta "saura kwana 33."

Lokacin ɗorawa, ki bari sai an raɗa sunan da safe an shafa fatiha, maigida ya karanta rubutun ya amince, kuma an kira duk babban da ya kamata ya ji daga bakinku. Kawun da ke Zariya in ya fara ganin sunan a Facebook kafin wayarsa ta yi ƙara, duk kyan rubutun ba zai hana shi cewa a waya ya gani kamar bare ba. Ki sa ƙanwarki ta rubuta sunayen waɗanda za a kira tun daren Juma'a, don ranar Asabar ba za ki samu kanki ba.